Yadda ake farfaɗo da rubutun da ya koɗe a sikanin kafin a miƙa shi ga manhajar gane rubutu

Tambayar da 'yan'uwa ɗalibai da ke Madina da Makka suka fi aiko mini ita ce ta muzakkirorin darasi, waɗanda aka yi ta buga fotokofinsu daga wani fotokofin har tawadar ta koma ruwan toka, takardar kuma ta yi rawaya. Mutum zai yi sikanin irin wannan takarda, ya sa ta a manhajar OCR, wato mai mayar da hoton rubutu ya zama rubutun da ake iya kwafa da gyarawa, sai ta fito masa da shirmen da ba ya karantuwa. Galibi matsalar tana jikin hoton, kuma ana iya gyara ta idan an bi matakan a jere. Zan bi su da misalin shafi guda na muzakkirar fiƙihu, girman A4, mai matani a sama da hashiya ƙanana a ƙasa, wanda gefensa na wajen ɗauri ya yi inuwa.

Abin da za a sa wa ido tun daga farko har ƙarshe shi ne ɗigon haruffa. A rubutun Larabci ɗigo ne kawai ya raba ب da ت da ث, shi ya raba ج da ح da خ, kuma shi ne abu mafi ƙanƙanta da rashin ƙarfi a shafin. Duk gyaran da ya sa shafi ya yi kyau a ido amma ya cinye ɗigo, ɓarna ce.

Kayan aikin su ne na'urar sikana mai gilashi, manhajar GIMP don dubawa da aunawa, ImageMagick don gyara ta hanyar umarni, da Tesseract, wato manhajar gane rubutun, tare da fayil ɗinta na Larabci mai suna `ara`. Dukkan manhajojin nan kyauta ne. Kuɗin da za a kashe shi ne na sikanin idan a shagon fotokofi za a yi, kuma shawarata ita ce a biya na shafi uku tukuna, mafi kyau da matsakaici da mafi muni, a gwada su, sannan a yi cinikin sauran.

1. Shirya takarda da gilashi

A goge gilashin da tsumma mai laushi, domin ƙurar da ke shiga ko'ina a garuruwan nan tana fitowa a hoto daidai girman ɗigon harafi. A cire ƙarfen da aka ɗaure muzakkirar da shi idan zai ciru, shafin ya kwanta sosai. Idan takardar mai rubutu ce gaba da baya, a ɗora baƙar takarda a bayanta kafin a rufe murfin. Farin murfi yana maido da haske ta cikin takardar, sai rubutun baya ya leƙo ya cuɗe da na gaba, amma baƙar takarda tana shanye hasken. Shafin zai ɗan yi duhu gaba ɗaya, wanda kuma gyaransa mai sauƙi ne a mataki na 5.

2. Zaɓar dpi da irin hoton

Lambar dpi tana nuna yawan fiksil, wato ƙananan murabba'an da suka haɗu suka yi hoton, a kowane inci. Mafi ƙarancin abin da ake so ga Tesseract shi ne 300, kuma a wannan ma'auni shafin A4 yana fitowa 2480 a faɗi da 3508 a tsawo. Ga dalilin da ya sa ba a sauka ƙasa da haka a Larabci. Mu ƙaddara faɗin ɗigon harafi milimita 0.4 ne. A 150 dpi zai samu fiksil biyu ko uku kacal, wanda ba shi da bambanci da ƙura. A 300 zai samu kamar biyar, a 400 kamar shida, a 600 kamar tara. Tun da shafinmu yana da hashiya ƙanana, 400 na zaɓa masa. Haurawa zuwa 600 yana da amfani ga rubutu mai tsananin ƙanƙanta kawai, domin nauyin fayil ɗin yana ninka na 300 sau huɗu, daga kimanin megabait 9 zuwa kimanin 35 a ruwan toka kafin a matse shi, na'urar kuma tana jan jiki.

Gargaɗin da ya fi kowanne nauyi a wannan jagorar yana nan: kada a zaɓi `Black & White` ko `Text` a jikin na'urar. Wannan zaɓin yana sa na'urar ta yanke wa kanta hukuncin abin da yake baƙi da abin da yake fari tun kafin kowa ya gani, kuma duk tawadar da ta jefa cikin fari ta tafi ke nan, babu manhajar da za ta dawo da ita. A zaɓi `Grayscale`, wanda ke ajiye matakan haske 256, daga 0 baƙi ƙirin zuwa 255 fari fat. Idan takardar ta yi rawaya, ko akwai hatimi da zanen biro a kanta, a zaɓi `Color`. Masu shago sukan bar na'urarsu a kan baƙi da fari saboda sauri, don haka sai an faɗa musu ƙarara, an kuma duba fayil ɗin kafin a bar wurin. A kashe duk wani gyara na kai tsaye da na'urar ke yi, kamar goge bayan rubutu ko ƙara kaifi.

A ajiye hoton a PNG ko TIFF. JPEG yana barin dishi-dishi a kewayen haruffa, wanda ba a cika ganinsa ba sai an ƙara ƙarfin tawada, sannan ya taso kamar ɗigogi. Haka nan idan ta WhatsApp za a turo, a turo shi a matsayin fayil, domin idan aka tura shi ta wajen hotuna ana rage masa girma.

Wanda kuma PDF kawai ya samu, ba takardar ba, ya fara duba ainihin abin da ke ciki da wannan umarni na kayan Poppler:

```
pdfimages -list muzakkira.pdf
```

Ginshiƙan `x-ppi` da `y-ppi` za su nuna ma'aunin da aka yi sikanin da shi. Idan 150 ne, ana iya ninka girman hoton da `-resize 200%` tun yana ruwan toka, kuma hakan yakan ɗan taimaka wa manhajar, sai dai ba ya ƙirƙiro abin da na'urar ba ta ɗauka ba. Idan takardar asali tana hannun wani ɗan'uwa a gari, a je a aro ta, ya fi sauƙi.

3. Kawar da rawaya

Da farko a ajiye fayil ɗin asali a gefe, kada a taɓa yin gyara a kansa. Hoto mai launi ya ƙunshi hotuna uku ne a haɗe, na ja da na kore da na shuɗi. Takarda mai rawaya tana yin duhu a na shuɗi, amma tana yin haske a na ja, yayin da baƙar tawada da shuɗiya suke nan da duhunsu. Saboda haka ɗaukar na ja kaɗai ya fi mayar da hoton ruwan toka kai tsaye:

```
magick asali.png -channel R -separate ja.png
```

Wannan yana kuma kawar da jan biro da alamar rawaya da ɗalibai ke shafawa a kan layuka. A lura cewa idan kanun babi ko ayoyi da jar tawada aka buga su, su ma za su dusashe. A irin wannan shafi a yi amfani da `-colorspace Gray` a maimakon raba launin.

4. Miƙar da shafi

Manhajar tana fara neman layuka ne kafin haruffa, kuma karkata kaɗan tana iya sa ta haɗa ƙarshen wani layi da na ƙasansa. A miƙar da shi yanzu, tun yana ruwan toka, domin juya hoto bayan ya zama baƙi da fari yana sa bakin haruffa ya yi zarto.

```
magick ja.png -deskew 40% +repage miqe.png
```

A yanke baƙin gefe da ramukan ɗauri a GIMP, a bar ɗan farin fili kewaye da rubutun.

5. Aunawa, sannan daidaita hasken takarda

Nan ne mafi yawan mutane ke tsallakewa, su tafi kai tsaye wajen ƙara duhu, alhali nan ne aikin yake. A buɗe hoton a GIMP, a ƙara girmansa zuwa 400%, a ɗauki `Color Picker` ana danne da `Shift` don ya nuna lamba, a auna wurare biyar. A shafin misalinmu lambobin su ne: takarda a tsakiyar shafi 205, jikin harafi a tsakiyar shafi 140, ɗigon harafi a tsakiyar shafi 157, takarda a cikin inuwar gefe 150, jikin harafi a cikin inuwar 100.

A dubi lamba ta uku da ta huɗu da kyau. Ɗigon da ke tsakiyar shafi, mai 157, ya fi takardar da ke cikin inuwa haske, mai 150. Ma'ana babu wata lamba guda da za a ce duk abin da ke ƙasa da ita tawada ce, duk abin da ke sama takarda ce. Idan aka sa iyakar a 145 don gefen ya yi fari, ɗigogin tsakiya sun tafi. Idan aka ɗaga ta zuwa 165 don a ceci ɗigogin, gefen gaba ɗaya ya koma baƙi ya haɗiye farkon kowane layi, tun da a wajen dama Larabci ke farawa. Ƙara bambancin haske ma ba zai warware ba, domin zai ƙara duhun inuwar ne tare da na tawadar.

Maganin shi ne a fara sa takardar ta zama haske ɗaya daga gefe zuwa gefe. Ana yin kwafin hoton, a dusashe shi sosai har rubutun ya narke, sai abin da ya rage ya zama taswirar hasken takardar kawai, sannan a raba lambobin hoton da aka miƙar da na wannan kwafin:

```
magick miqe.png \( +clone -blur 0x30 \) -compose Divide_Src -composite daidai.png
```

A `cmd` na Windows ana rubuta bakan ba tare da alamar `\` ba. Lissafin da ke faruwa mai sauƙi ne. A tsakiya, 140 a raba da 205 ya ba da kusan kashi 68 cikin ɗari na fari, wato 174. A cikin inuwa, 100 a raba da 150 ya ba da kusan kashi 67, wato 170. Harafin tsakiya da na gefe sun dawo kusan ɗaya, takardar duka ta haura kusa da 255, ɗigon kuma ya tsaya wajen 195. Yanzu akwai rata tsakanin mafi raunin tawada da mafi duhun takarda, abin da babu shi a da. Lambobin da za a gani a zahiri sukan ɗan fi na lissafi haske, saboda rubutun da ya narke yana rage hasken kwafin, don haka a sake aunawa kafin a ci gaba.

Idan manyan kanu masu kauri suka fito da tsakiyarsu a koɗe, dusashewar ba ta isa ba, a ɗaga 30 zuwa 50. Idan kuma bakin inuwar bai gushe ba, a sauko zuwa 20.

6. Ƙara ƙarfin tawada

Shafin yanzu ya fi da koɗewa a ido, kuma hakan daidai ne. Duk abin da ke cikinsa yana cunkushe tsakanin 170 da 255, aikin wannan mataki shi ne a shimfiɗa wannan 'yar tazara ta cika daga baƙi zuwa fari. A GIMP ana shiga `Colors` sannan `Levels`, inda za a ga tudu babba a dama, wato takarda, da ƙaramin tudu a hagunsa, wato tawada. A jawo baƙin maɓallin zuwa ƙasa kaɗan da inda tudun tawada ya fara, farin kuma zuwa gindin tudun takarda ta hagu. A misalinmu wannan ya faɗa 153 da 235, wato kashi 60 da kashi 92:

```
magick daidai.png -level 60%,92% toka.png
```

Jikin harafi ya sauko daga 174 zuwa kimanin 66, ɗigo ya sauko daga 195 zuwa kimanin 131, duk wani dishi-dishin takarda da ya haura 235 ya zama fari tas.

Kuskuren da ake yi a nan shi ne jan farin maɓallin can ciki don shafin ya yi tsaf. Da an kai shi 190 a wannan shafi, ɗigogi da siraran layukan da ke haɗa haruffa duk sun wuce cikin fari. Ni ba na amfani da `Brightness-Contrast` a wannan aiki, saboda ba ya barin mutum ya tsayar da wurin baƙi da wurin fari kowanne daban, ga shi kuma yana sa mutum ya riƙa gyara da ido a kan shafin gaba ɗaya. A riƙa duba sakamakon a girman 400%, a kan layi mafi koɗewa na hashiya. Wannan fayil na `toka.png` a adana shi, za a dawo kansa.

7. Yanke iyakar baƙi da fari

Yanzu za a mayar da kowane fiksil ko dai baƙi ko fari, abin da ake gani a manhajoji da sunan `Threshold`. Yawancinsu suna farawa da tsakiya, wajen 127, kuma shafinmu ya nuna haɗarin amincewa da hakan: ɗigo yana 131, ya haura iyakar da kaɗan, don haka zai koma fari alhali jikin haruffa, mai 66, zai fito baƙi ƙirin. Mai kallo daga nesa zai ga shafi mai kyau, bai san ج ta zama ح ba. Ƙa'idar ita ce a sa iyakar sama da lambar ɗigo mafi rauni, ƙasa da lambar datti mafi duhu. A nan kashi 65, wato wajen 166, ya dace:

```
magick toka.png -threshold 65% baqi.png
```

Ana gane an zarce idan idanun haruffa irin su و da ف da م suka toshe, ko ɗigo biyun ت suka manne suka zama guda, ko ɗigon ب ya haɗe da jikinsa. Ana gane ba a kai ba idan kalma ta tsinke a tsakiya ko ɗigogi suka zama 'yan ɓurɓushi. A gwada lambobi uku, 60 da 65 da 70, a jera su a duba layi guda a kowanne.

Idan koɗewar ta bambanta daga wuri zuwa wuri, misali sakin layi ɗaya ya fito da ƙarfi na kusa da shi ya kusa ɓacewa, lamba guda ba za ta isa ba. Sai a koma ga hanyar da ke auna kowane yanki da maƙwabtansa. Tesseract da kanta tana yanke iyaka a ciki da hanyar Otsu, wadda ke zaɓar lamba ɗaya ga shafi, amma daga fitowa ta 5 ana iya sa ta bi hanyar Sauvola mai bin yanki-yanki, ta hanyar ƙara `-c thresholding_method=2` a umarnin, a kuma ba ta hoton ruwan toka. Aibin wannan hanya shi ne takan tono datti a wuraren da babu rubutu.

Game da `Despeckle` da sauran masu share tabo, ra'ayina shi ne a bar su a kashe a rubutun Larabci. Suna aiki ne da girma, duk abin da bai kai wasu fiksil ba su share shi, kuma ba su san ɗigon ن daga ƙura ba. Tabon da ya yi girma har ya dami mutum a goge shi da hannu a GIMP.

8. Gwaji da karanta kurakurai

A ba manhajar hotuna biyun, na toka da na baƙi da fari:

```
tesseract toka.png gwaji1 -l ara --psm 6
tesseract baqi.png gwaji2 -l ara --psm 6
```

Zaɓin `--psm 6` na shafi ne mai ginshiƙi ɗaya. A ɗauki layi biyar daga matani da biyar daga hashiya, a ƙirga haruffan da suka fito ba daidai ba a kowane sakamako. Sau da yawa na toka ne ke cin nasara, kuma idan haka ta faru a bi shi, a bar mataki na 7 ga shafukan da suka gagara.

Irin kuskuren yana nuna matakin da za a koma. Idan ز tana zama ر, ش tana zama س, غ tana zama ع, ko ta kuri tana zama ha kuri, ɗigogi ne suka ɓace, sai a ɗaga iyakar ko a mayar da farin maɓallin `Levels` dama. Idan akasin haka ne, ح tana zama خ, ga waƙafi da aya suna tsirowa inda babu su, datti ne ya wuce, sai a sauke iyakar kaɗan. Idan ت tana zama ن, tawadar ta yi kauri har ɗigo biyu sun manne, ko kuma dpi bai isa ba tun farko. Idan kurakuran sun taru a gefe ɗaya na shafin, inuwa ce ba ta fita ba, a koma mataki na 5. Idan kuma layuka ne suka cakuɗe ko suka ɓace ɗungum, a duba karkata da baƙin gefe.

Akwai abin da gyaran hoto ba zai magance ba. Fayil ɗin `ara` na rubutun ɗab'i ne, ba zai karanta rubutun hannu ba, balle rubutun allo irin na gida da takardun ajami, inda ف ke ɗauke da ɗigo a ƙasa, ق kuma ɗigo ɗaya a sama. Rubutu mai cikakkun wasula ma yakan ba shi wahala ko da hoton ya yi kyau. Ayoyi da hadisai da lambobin shafuka da ke hashiya kuwa dole a bi su da ido a gwada da asali, kome kyan sakamakon.

9. Sauran shafukan

Idan lambobin sun yi aiki a kan shafuka ukun gwaji, a haɗa matakan a umarni ɗaya a sake shi a kan babban fayil ɗin da ke ɗauke da duk hotunan, a Linux ko macOS:

```
mkdir -p gyara
for f in *.png; do
  magick "$f" -channel R -separate +channel -deskew 40% +repage \
    \( +clone -blur 0x30 \) -compose Divide_Src -composite \
    -level 60%,92% "gyara/$f"
done
```

Lambobin 60 da 92 na shafin misalinmu ne, kowa ya sa waɗanda ya auna a nasa. Tsohuwar muzakkira sau da yawa haɗe-haɗe ce, wani babin an buga shi a wata na'ura, wani kuma a lokacin da tawada ta kusa ƙarewa, don haka a buɗe shafi ɗaya cikin kowane goma a duba ɗigogin hashiyarsa. Inda aka ga sun fara raunana, a ware wannan rukunin shafuka a babban fayil na daban, a sake auna masa lambobi biyar ɗin mataki na 5, a gyara `-level` ɗinsa, sannan a tura shi ga Tesseract.